Zanen muware a hoton allo da na yadi: tambayoyin da ake ta maimaitawa

Na ɗauki hoton allon kwamfuta da wayata, sai ga wasu layuka masu lanƙwasa kamar bakan gizo. Kyamarata ce ta lalace?

A'a, lafiyarta ƙalau. Muware ne. Allon yana da jerin ɗigogi a tsare, sensar kyamararka ma tana da nata jerin. Idan jerin biyu suka haɗu amma ba su zauna daidai ba, sai wani zane na uku ya fito wanda babu shi a allon. Ɗora raga a kan raga ka ɗan juya ɗaya, za ka ga irinsa da idonka.

To me zan yi da hoton allon?

Ka daina ɗaukar allo da kyamara, in dai abin da ke ciki kake so. A Windows danna `Win + Shift + S`, a Mac danna `Cmd + Shift + 4`. Shi ke nan, babu muware, babu gyara.

Idan dole ne allon ya fito a hoton, ka ja da baya ko ka matso kana kallon zanen har ya ɓace, ko ka ɗan karkata wayar. Dalili shi ne, allo mai fiksel 1920 a faɗi idan ya cika hoto mai fiksel 4000, kowane ɗigon allo ya samu wajen fiksel biyu kacal a sensa, kuma a nan kusa ne abin yake tsananta. Da ka sauya nisa, lissafin ya sauya.

Ni baƙaƙen layuka ne a kwance, suna tafiya a kan allon.

Wannan ba muware ba ne, ƙyaftawar hasken allon ce. Rage saurin shata zuwa 1/60 ko 1/50, ko ƙasa da haka. Kada ka ɓata lokaci da dabarun gyaran muware da za su biyo baya.

Ta yaya zan san muware yana cikin hoton da gaske?

Buɗe shi a 100%. Wannan na sha faɗa, kuma har yanzu mutane suna zuwa da hoton da ba shi da laifin komai. Idan manhaja ta matse babban hoto don ya shiga allonka, ita kanta takan haifar da muware na ƙarya. In ka ƙara girma zuwa 100% zanen ya ɓace, ko kuma yana sauya siffa duk lokacin da ka sauya girma, to fayil ɗinka lafiya lau yake. In ya tsaya cik a wuri ɗaya da siffa ɗaya, yana ciki.

Na ɗauki wani mutum sanye da kwat ruwan toka mai saƙa siririya. Kafaɗa da ƙirji duk sun yi zane, kuma ba zan iya sake ɗauka ba. Zai gyaru?

Wataƙila, amma ba zan yi maka alkawari ba sai mun san wane iri ne. Muware iri biyu ne, kuma sau da yawa tare suke zuwa. Akwai na launi, wato ratsin ruwan lemo da shuɗi a kan yadin da ya kamata ya zama toka. Akwai kuma na haske, wato ratsin duhu da fari. Don ka raba su, mai da hoton baƙi da fari na ɗan lokaci. Abin da ya ɓace na launi ne, abin da ya rage na haske ne.

Na launi yana da sauƙi, kwantar da hankalinka. Idan kana da fayil ɗin RAW, wato ɗanyen bayanin da sensa ta ɗauka, daga can za ka fara, domin launin ƙaryar a wajen haɗa launuka daga ɗigogin sensa yake fitowa, JPEG kuwa ya riga ya gasa shi a ciki. A Lightroom ko Camera Raw, ɗauki buroshi ka shafa kwat ɗin kaɗai, sannan ka ja `Moiré` a hankali. Fara daga wajen 25, ka riƙa ƙarawa har ratsin ya kwanta, ka tsaya nan. Kada ka tura shi 100 don ka huta. Abin da yake yi shi ne cakuɗa launi da na kusa da shi, don haka in ka wuce gona da iri, ko buroshinka ya hau wuya da nekatai, za ka ga launin fata ya malalo kan kwala, jan nekatai ya kwaranya kan toka.

A Photoshop hanyar ita ce ka kwafi leyar, ka zaɓi kwat ɗin, ka sa `Gaussian Blur` har ratsin launin ya narke ya zama toka guda. A hoto mai fiksel 6000 a faɗi, ni nakan fara gwaji daga 10 zuwa 20, amma faɗin ratsin ne ke yanke hukunci: ratsi mai faɗi yana son adadi babba. Sai ka mai da yanayin leyar zuwa `Color`. Nan take saƙar za ta dawo da kaifinta, domin haske daga leyar ƙasa yake fitowa, launi kaɗai aka ɗauka daga ta sama. Rufe da baƙin `Layer Mask`, ka shafa fari a inda ratsin yake kawai. Tunda kwat ɗin launi ɗaya ne, kana ma iya ɗaukar launin toka daga wurin da yake da tsabta ka fenta a sabuwar leya mai yanayin `Color`. Wannan ya fi tsafta a gefuna. A yadi mai fure ko launuka da yawa kuwa ba zai yiwu ba.

Na haske shi ne mai wuya, kuma a nan gaskiya ba kullum ake cin nasara ba. Ratsin ya gauraya da saƙar kanta, duk abin da ya goge shi yana iya goge zaren. Abin da na fi samun dacewa da shi shi ne duba `Channels` ɗaya bayan ɗaya. Wani lokaci ratsin ya yi ƙarfi a ja da shuɗi amma kore yana da dama-dama, tunda rabin ɗigogin sensar Bayer, irin da ke cikin yawancin kyamarori, kore ne. In haka ne, kana iya aron hasken kore ka ɗora a kan kwat ɗin da yanayin `Luminosity`, sannan ka daidaita haskensa da sauran hoton. In duk ukun sun kamu, sai aikin hannu: haskaka ratsin duhu, ka duhunta na fari, da buroshi mai laushi a ƙarfi kaɗan, kashi 3 zuwa 5. Yana cin lokaci, kuma ragewa yake yi, ba kawarwa ba. Ka tsaya da zarar ido ya daina tafiya wurin. Kwat mai ɗan ratsi ya fi kwat da ya koma kamar roba.

An ce tacewar FFT, mai zaƙulo zanen da ke maimaita kansa, tana cire shi gaba ɗaya.

Tana aiki sosai a zanen da yake maimaita kansa daidai daga gefe zuwa gefe, kamar hoton jarida da aka yi wa sikanin, ko allon da aka ɗauka kai tsaye. Yadin da ke jikin mutum yana lanƙwasa, ratsin kafaɗa daban, na hannu daban. A nan ba ta da abin kamawa.

Ba sai in dusashe hoton duka ba?

Haba. Ka kashe fuskar mutum saboda kafaɗar riga?

Gaba fa, yaya zan kauce masa?

Duba bayan kyamara tun mutumin yana tsaye gabanka. Ƙara girman hoton a kan yadin, in ka ga ratsi, yi taku ɗaya gaba ko baya, ko ka sa ya ɗan juya jikinsa. Idan bai tafi ba, tsuke ƙofar lens zuwa f/11 ko f/16. Ɗan laushin da hakan ke kawowa yakan isa ya kashe shi, sai dai za ka buƙaci ƙarin haske. Kyamarorin da aka cire musu matatar da ke tausasa hoto a gaban sensa, irin Nikon D7100, sun fi saurin kamuwa, don haka masu su sai su ninka dubawa. Kuma ka ɗauka a RAW.