Takardar bayanin kai ta mai neman tallafin karatun tace fim

Takardar bayanin kai gajeren rubutu ne, yawanci shafi ɗaya ko biyu, da mai neman tallafin karatu ke haɗawa da takardun shaidarsa da samfurin aikinsa. A Najeriya, daga cikin wuraren da masu son koyon tace fim, wato aikin edita na yankawa da haɗa hotunan da aka ɗauka, ke nema akwai Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ke Jos, ƙarƙashin Hukumar Fina-finai ta Najeriya, da makarantar MultiChoice Talent Factory ta Legas, wadda ta fara a 2018 kuma take ɗaukar nauyin ɗalibanta. Da Turanci ake rubuta takardar, ko da mai nema da Hausa yake aikinsa.

Takardar edita ta bambanta da ta darakta ko ɗan wasa, domin aikin edita ba ya fitowa fili. Idan ya yi kyau, mai kallo ba ya lura da inda aka yanka. Saboda haka masu tantancewa suna son ya ɗauki yanka guda ya faɗi dalilinsa.

Misali, a ce saurayi ne daga wani ƙauye kusa da Ringim, yana haɗa bidiyon biki da CapCut a waya, yana kai ta caji shago. Idan ya rubuta cewa tun yana yaro yake son fim, bai faɗi abin da sauran masu nema ba su faɗa ba. Ya fi ƙarfi ya ce an ba shi ɗaukar kamu da kai amarya ta awa 3, ya mayar da ita minti 6. A wurin kai amarya ya sa kukan uwar ya fara shigowa tun hoton yana kan motar da ke jira, daƙiƙa 2 kafin fuskarta ta bayyana, wato firam 50, hotunan da ke jeruwa su zama bidiyo, idan an ɗauka a kan 25 a daƙiƙa. Dalilinsa: mai kallo ya ji rabuwar a kunne kafin ya gan ta. Sai ya nuna mintin da za a sami wurin a samfurin, sannan ya faɗi abin da ya gagare shi, kamar iskar hunturu da ta ɓata sautin, domin wannan giɓin shi ne hujjar neman karatun.

Wani kuskure da ake yi shi ne ba mai shagon kwamfuta ya rubuta. Ana ganewa da wuri: Turancin ya yi sumul, an jero manhajojin kwamfuta irin su Premiere Pro da DaVinci Resolve, amma samfurin na ɗauke da tambarin manhajar waya, kuma a hira mai nema ya kasa bayanin jimlolinsa. Akwai kuma batun izini. A ƙauye, tura hoton matan gida ga baƙi ba ƙaramin abu ba ne, don haka sai ango da iyayen amarya sun yarda kafin bidiyon ya shiga samfuri.