Ƙarfin ruwan magani bayan surki ko haɗawa

Ƙarfin ruwan magani cikin ɗari shi ne yawan sinadarin da ke narke a cikin kowane kashi 100 na gaurayen. Idan an rubuta 0.9% a jikin ledar ruwan gishiri da ake ɗaura wa majinyata, ana nufin giram 0.9 na gishiri a cikin kowace mililita 100, wato giram 9 a lita guda. Wannan ƙarfi yana sauyawa idan an surka gaurayen da ruwa, ko an haɗa shi da wani irinsa mai ƙarfi dabam. Lissafin duka ya dogara da abu ɗaya: ruwan da aka ƙara ba ya rage sinadarin, wurin da sinadarin ya bazu a ciki ne kawai yake ƙaruwa. Sukarin da ke cikin kofin shayi yana nan yadda yake ko an ƙara ruwan zafi, zaƙin ne ke raguwa.

Surki da ruwa

Tunda sinadarin bai sauya ba, ƙarfin farko sau yawan farko daidai yake da ƙarfin ƙarshe sau yawan ƙarshe. Littattafai suna rubuta shi haka:

C1 × V1 = C2 × V2

Inda aka fi ganin amfanin wannan a asibitocin Afirka ta Yamma shi ne wajen haɗa ruwan kulorin, musamman lokacin ɓarkewar kwalara ko zazzaɓin Lassa, da kuma lokacin annobar Ebola ta 2014. Ana amfani da mai ƙarfin 0.5% wajen wanke daɓe, gadaje da wuraren da jini ko amai ya zuba, sannan mai ƙarfin 0.05% wajen wanke hannu. Bilic, wato ruwan kulorin da ake sayarwa a kasuwa don wanki, ya fi haka ƙarfi nesa ba kusa ba, galibi 3.5% ko 5%, don haka dole a surka.

A ce ma'aikaciyar jinya tana son lita 7 ta 0.5% daga kwalba mai 3.5%. Za ta ninka 0.5 sau 7, ta sami 3.5, ta raba da ƙarfin kwalbar, ta sami 1. Lita 1 ta bilic ke nan take buƙata. Ruwan da za ta ƙara kuwa lita 6 ne, ba 7 ba, domin lita 7 ɗin jimillar gaurayen ce, bilic ɗin kansa yana ciki. A nan mutane suka fi yin kuskure. Wanda ya zuba lita 7 ta ruwa a kan lita 1 ya sami lita 8 mai ƙarfin kusan 0.44%, ƙasa da abin da ake so. Shi ya sa takardun koyarwa suke ba da gajeriyar hanya: a raba ƙarfin kwalba da ƙarfin da ake so, a cire ɗaya, abin da ya rage shi ne awon ruwa ga kowane awo ɗaya na bilic. Ga mai 5%, awo 9 na ruwa ke nan. Daga 0.5% zuwa 0.05% ma awo 9 ne, tunda ana rage ƙarfin sau goma.

Lissafin yana da iyaka. Kulorin yana gushewa da zafi da hasken rana, don haka kwalbar da ta daɗe a kan kantar shago tana iya zama ba ta kai ƙarfin da aka rubuta a jikinta ba. Saboda haka ake haɗa sabon ruwa kullum, a rufe shi, a ajiye a inuwa.

Haɗa ƙarfi biyu

Idan duka ruwayen biyu suna ɗauke da sinadarin, sai a tara abin da kowanne ya kawo, a raba da jimillar yawansu. Mililita 100 ta gulukos 50% tana ɗauke da giram 50, mililita 400 ta 5% tana ɗauke da giram 20. Haɗinsu giram 70 ne a mililita 500, wato 14%. Ba a tara 50 da 5 a raba biyu, sai fa in yawan ruwayen biyu daidai yake. Sakamakon kullum yana tsakanin ƙarfin biyu, kuma ya fi kusa da wanda ya fi yawa. Duk amsar da ta fita daga wannan tsakani, to akwai kuskure a lissafin.

Tambayar da ta fi wuya ita ce ta juye: nawa za a ɗebo daga kowanne don a sami wani ƙarfi da aka sa a gaba? A ce ana son 10% daga 50% da 5%. Tazarar da ke tsakanin 10 da 5 ita ce 5, kuma ita ce rabon mai ƙarfin. Tazarar da ke tsakanin 50 da 10 ita ce 40, ita ce rabon marar ƙarfin. Rabon 5 da 40 daidai yake da 1 da 8. Mililita 50 ta 50% da mililita 400 ta 5% suna ba da giram 25 da giram 20, jimilla 45 a mililita 450, wato 10% cif.

Tarihi

Wannan dabara ta musayar tazara tsohuwa ce. Ta daɗe a littattafan lissafin 'yan kasuwa na Turai, tun wajen ƙarni na 16 ko kafin haka, inda ake koyar da ita don haɗa zinariya da azurfa masu tsarki dabam-dabam, ko hatsi masu farashi dabam-dabam. Masu haɗa magani sun gaje ta daga nan. A wajen farkon ƙarni na 20 aka yaɗa ta a masana'antar madara ta Amurka a siffar murabba'i, da sunan Raymond Pearson, don daidaita yawan mai a madara. Masu haɗa abincin kaji da na dabbobi suna aiki da murabba'in Pearson har yau wajen daidaita furotin tsakanin masara da waken suya.

Shi ma ruwan kulorin yana da nasa tarihin. A 1847 likita Ignaz Semmelweis ya sa ma'aikatan ɗakin haihuwa a Biyana, babban birnin Austriya, su riƙa wanke hannu da ruwan farar ƙasa mai kulorin, mace-macen masu jego suka ragu sosai. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Henry Dakin ya haɗa ruwa mai ƙarfin kusan 0.5% don wanke raunukan sojoji, wanda ya kai ya kashe ƙwayoyin cuta ba tare da ya ƙona nama ƙwarai ba.

Inda lissafin yake kaucewa

Yawan ruwaye biyu ba kullum yake taruwa daidai ba. Mililita 50 ta itanol, wato tsantsar barasa, da mililita 50 ta ruwa suna ba da kusan mililita 96, ba 100 ba, domin ƙwayoyinsu suna matsewa da juna. Masanin kimiyya ɗan Faransa Gay-Lussac ya fitar da jadawalin auna ƙarfin barasa a 1824 wanda ya yi la'akari da wannan. Saboda haka tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya na haɗa sinadarin goge hannu bai faɗi yawan ruwa ba. Ana zuba mililita 8333 ta itanol 96%, da 417 ta haidirojin farokzayid 3%, da 145 ta gilisarin, sannan a cika da ruwa har layin lita 10, a sami 80%. Idan an auna da nauyi ba a samun wannan matsala, tunda giram ba ya matsewa.

Dole kuma ƙarfin biyu su zama iri ɗaya: na nauyi cikin nauyi, na nauyi cikin yawa, ko na yawa cikin yawa.

Akwai saɓani kan rubutun 1:10. Wasu suna nufin awo 1 cikin jimillar 10, wasu awo 1 da ruwa awo 10. Daga bilic 5%, na farko yana ba da 0.5%, na biyu kusan 0.45%.