Aisbireka da enajaiza: ba abu ɗaya ba ne

Duk wanda ya taɓa zuwa bitar 'yan sa-kai zai ji fasiliteta, wato mai jagorantar bitar, yana cewa bari mu yi aisbireka, anjima kuma ya ce a tashi a yi enajaiza, shi ya sa da yawa suka ɗauka duk sunan wasa ɗaya ne. To aikinsu daban.

Aisbireka na farkon zama ne, lokacin da mutane ba su san juna ba, kowa ya kama kujerarsa ya yi gum yana latsa waya. Aikinsa ya sa a san sunan juna, bakin kowa ya buɗe tun da safe, don wanda bai ce uffan ba a awan farko da wuya ka ji muryarsa har a tashi. Shi kuwa enajaiza ba ruwansa da sabo, jiki yake tasarwa. Ana kawo shi ne idan an ga hamma ta fara yawo, musamman bayan Azahar an ci shinkafa an ƙoshi ga zafi ga babu wuta, kuma minti 3 zuwa 5 ya ishe shi.

Mu ce kana da 'yan sa-kai 30, maza da mata, waɗanda za su je su riƙe kulob ɗin yara. Idan ka ce kowa ya tashi ya gabatar da kansa, minti ɗaya-ɗaya ma rabin awa ta tafi kenan, kuma wallahi kafin a kai na 12 an manta sunan na farko. Gara ka raba su gida 3, goma-goma, kowane rukuni ya yi da'ira, ka dunƙule takarda ta zama ƙwallo. Zagayen farko mai ƙwallo ya faɗi sunansa da wasan da ya fi so yana yaro, langa ne ko carafke ko gaɗa, sai ya jefa wa wani. Zagaye na biyu sai ka kira sunan mutum kafin ka jefa masa. Minti 10 an gama, ba wanda ya taɓa wani balle a shiga maganar riƙe hannu tsakanin maza da mata, ga shi kuma ka tara jerin wasannin da su da kansu suka iya, ka rubuta su a allo don za su yi amfani gobe.

Na enajaiza kuwa ba sai an je nesa ba, jini-jini ma ya wadatar. Kowa ya miƙe, jagora ya ce akuya da jini a ce ja tare da tafi, kaza da jini ja, yana ƙara sauri, sai kwatsam ya ce dutse da jini, nan za ka ji wani ya zabga ja shi kaɗai hol ya kwashe da dariya. Amma fa a dandali wanda ya kuskure duka yake sha, wannan dole a cire shi, kuma a faɗa wa 'yan sa-kan ƙarara cewa an cire. Ni ko fitar da wanda ya faɗi daga wasa ba na so, saboda yaron da ya fi rashin kuzari shi ke fara fita, ya koma gefe yana kallo alhali don irinsa aka kawo wasan. Wanda ya kuskure ya karɓi jagoranci kawai a ci gaba.

Abin da ya bambanta irin wannan bita da sauran shi ne waɗannan mutanen ba wasa kawai suka zo yi ba, koyon yadda ake jan sa suka zo. Don haka bayan kowane wasa a tsaya minti 2 a tambaye su, da 'yan shekara 7 ne me za ku sauya? Yaron da ba ya iya tsayuwa fa, ko wanda ba ya ji sosai? Za ka ji wata ta ce a yi a zaune, wani ya ce a riƙa ɗaga hoton dabbar. Daga rana ta biyu fasiliteta ya sakar musu, su riƙa ja bi da bi, a nan ne za ka gane mai dogon bayani. Dokar wasa in ta wuce minti ɗaya ana faɗa yara sun watse, a gwada sau ɗaya a gani ya fi.

Sai tambayoyin da ake sawa a aisbireka, don Allah a kula. Me babanka yake yi, me kuka ci jiya da dare, waɗannan a kulob ɗin da akwai maraya ko ɗan gudun hijira ciwo suke tonowa. Tambaya ta tsaya kan abin da kowane yaro zai iya amsawa ba kunya, kalar da yake so, dabbar da ke burge shi. Kuma idan ka ga ana zamewa baya, ko dariyar ta koma kan yaro ɗaya, a canza wasan nan take ba sai an kai ƙarshe ba.