Fassarar bidiyo da rubutun ƙasa (sabtaitil) a Hausa

Sabtaitil shi ne rubutun nan da ke fitowa a ƙasan bidiyo yana faɗin abin da mai magana ke cewa. Ya sha bamban da fassarar murya irin wadda ake ma finafinan Indiya, a nan muryar asali tana nan ba a taɓa ta ba, mai kallo da ido zai bi. Wahalar aikin ita ce baki ya fi ido sauri, balle masu kallonmu da yawa a ƙaramar waya suke kallo kuma ba kowa ne ya saba karanta Hausar boko a guje ba.

Mafi yawan fayil ɗin da ake amfani da shi SRT ne, rubutu zalla, kowane yanki da lambarshi, sai lokacin shiga da na fita, sai maganar. Ana iya rubuta shi da hannu, amma manhajoji na kyauta irin su Subtitle Edit da Aegisub sun fi sauƙi don suna nuna hoton sautin, kana ganin inda magana ta fara da inda ta tsaya.

Ma'aunin da ake bi shi ne haruffa nawa mai kallo zai karanta a sakan ɗaya, manhajar na rubuta shi CPS. Ƙa'idar Netflix ta Turanci ta ce kada a wuce haruffa 20 a sakan ga manya, 17 ga yara, layi kada ya wuce haruffa 42, kuma layuka biyu kawai, rubutu kada ya daɗe fiye da sakan 7. Don Hausa ni dai ina ganin a tsaya wajen 14 ko 15, tunda wanda ake yi dominshi ba lallai ya zama ɗan jami'a ba.

Ga misali. A ce an samo bidiyon Faransanci daga wajen Maraɗi kan adana wake a buhu mai leda ciki, ana so manoman Daura da Mai'adua su amfana. Malamin gona ya yi jimla guda cikin sakan 3. In aka fassara ta duka za a samu: "Ya kamata ku tabbatar da cewa waken ya bushe sosai kafin ku zuba shi a cikin buhu." Haruffa 82 ke nan har da tazarar tsakanin kalmomi, raba da 3 ya ba ka 27 a sakan, wallahi kafin mutum ya kai tsakiya rubutun ya ɓace. To sai a rage. "Ya kamata ku tabbatar da cewa" duk ado ne, buhun kuma ga shi nan ana gani a hannun mutumin ba sai an rubuta ba. Amma a kula, in aka datse ya koma "waken ya bushe sosai" kaɗai, mai karatu zai ɗauka labari ake ba shi cewa ya riga ya bushe, saboda ba ma rubuta karin sauti. Shi ya sa dole a sa "ku bari" a farkon jimlar.

```
14
00:01:12,400 --> 00:01:15,400
Ku bari waken ya bushe sosai
kafin ku ɗura.
```

Yanzu ya dawo wajen 14 a sakan. Dubi inda aka karya layin, daidai gaɓar magana. Kada a bar "ya" ko "ku" ko "da" a ƙarshen layi abin da suke riƙe da shi ya faɗa ƙasa, ido sai ya koma baya. Abin da ba a taɓa yankewa don neman wuri shi ne adadi, sunan magani, da "ba" ko "kada", don in suka faɗi ma'ana ta juye. In ragewa ta gagara kuma mai maganar ya ɗan yi shiru bayan jimlar, ana iya ƙara ma rubutun rabin sakan.

Matsala biyu ke yawan fitowa bayan an gama. Ta farko ta lokaci ce. In rubutu ya makara daidai wa daida tun farko har ƙarshe, sai a tura lokutan gaba ɗaya a wuce wurin. In kuwa da farko ya dace sannan ratar ta riƙa ƙaruwa, to saurin hotunan ne ya bambanta, an yi aikin kan bidiyo mai 25 a sakan ana kunna mai 23.976, wannan na kawo ratar kusan sakan biyu da rabi duk minti, kuma Subtitle Edit na da wurin gyara shi. Ta biyun ƙ da ɗ da ɓ su koma alamar tambaya ko akwati. Alamar tambaya na nufin ba a ajiye fayil ɗin da tsarin haruffa na UTF-8 ba, akwati kuma salon rubutun ne ba shi da haruffan, sai a canza shi kafin a manna rubutun jikin bidiyon da za a tura WhatsApp.