Ɓacewar lambar waya da ke haɗe da asusu

Ɓacewar lambar waya da ke haɗe da asusu ita ce halin da mutum ke shiga idan layin da ya yi rajistar banki, ko WhatsApp, ko imel da shi ya fita daga hannunsa, alhali asusun na ci gaba da aika saƙonni zuwa wannan lamba. Tushen matsalar shi ne lambar waya ba mallakar mai ita ba ce har abada. Hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ita ke raba wa kamfanoni irin su MTN, Airtel da Glo jerin lambobi, su kuma su ba mutane. Idan layi ya daɗe ba a mora ba, kamfani na iya karɓe lambar ya buga ta a sabon sim ya sayar wa wani. Banki kuwa ba shi da labari. A wurinsa duk wanda lambar ke hannunsa shi ne mai asusun.

Matakan da layi ke bi kafin ya koma hannun wani

Bisa ƙa'idar NCC, layin da ya yi wata 6 ba a yi wani abin da ke kawo wa kamfani kuɗi da shi ba, kamar kira, aika saƙo ko sayen data, ana iya rufe shi. Idan ya ƙara wata 6 a haka, mai shi na iya rasa lambar baki ɗaya. Saboda haka akwai hali uku, kuma maganin kowanne daban ne.

Idan sim ne kawai ya faɗi ko aka sace waya, lambar tana nan da sunan mai ita. Sai ya je ofishin kamfanin a yi masa abin da ’yan kasuwa ke kira welkam bak, wato a ba shi sabon sim da tsohuwar lambarsa. Za a nemi NIN ɗinsa, a ɗauki hoton fuska ko zanen yatsu, a tambaye shi lambobin da ya fi kira da katin da ya sa na ƙarshe, wani lokaci har da takardar rantsuwa ta kotu. Layin da aka rufe amma ba a sake sayarwa ba shi ma ta wannan hanya ake farfaɗo da shi. Hali na uku shi ne mai wuya: lambar ta riga ta hau kan NIN ɗin wani. Tun da aka wajabta haɗa layi da NIN a Disambar 2020, wanda sunansa ke kan rajistar shi ne mai layi a idon kamfani, kuma tsohon mai shi ba ya da hurumin karɓe ta.

Gane hali na uku ba wuya. Sim ɗin da ke hannu ya daina kama sabis, amma idan aka kira lambar daga wata waya sai ta yi ƙara, baƙuwar murya ta ɗauka. Ko kuma ’yan uwa su ga hoton wani da ba su sani ba ya maye gurbin na ɗan uwansu a WhatsApp.

Misali daga kasuwar Mile 12

A ɗauki dillalin albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas, mai layi biyu. Ɗaya na harkar yau da kullum, ɗayan tsohon layi ne da ya yi rajistar BVN da shi tun farkon tsarin, wanda Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a Fabrairun 2014. Tsohon sim ɗin yana cikin ƙaramar waya mai madannai da ya bari a akwati a ɗakinsa na Agege, lokacin da jinyar mahaifinsa ta riƙe shi a Arewa wata 14. Da ya dawo ya yi cajin wayar, babu sabis. Ya so tura kuɗin mota ga mai kawo masa kaya, manhajar banki ta ce ta aika lambar tabbatarwa zuwa layin da ya ƙare da wasu lambobi huɗu, waɗanda ya gane na tsohon layin ne. Ya kira, wata mata ta ɗauka da Yarbanci.

Abin da ya kamata ya tayar masa da hankali ya wuce kuɗin motar da ya maƙale. Duk alat na shigar kuɗi da fitarsu yanzu wayar matar yake faɗawa, ɗauke da ragowar kuɗin da ke asusun. Sannan duk mai riƙe da layin da aka yi rajistar BVN da shi zai iya ganin lambar BVN ɗin ta hanyar danna wannan:

```
*565*0#
```

Yawancin masu sayen sabon sim ba ruwansu, su ma alat ɗin damunsu yake. Amma idan layin ya faɗa hannun mugu, ya sami rabin abin da ake tambaya kafin a buɗe hada-hadar banki ta lambobin dannawa, ko a karɓi bashi a manhajojin ba da rance da sunan wani.

Don haka matakin farko banki ne, tun kafin ofishin kamfanin waya. Dillalin zai je reshe da kansa da katin shaida, ya nemi a dakatar da hada-hadar waya a asusun, ya cike takardar sauya lamba. A nan mutane da yawa ke tuntuɓe: lambar da ke kan asusu daban, wadda ke kan BVN daban. Dole ya faɗa a fili cewa duka biyun yake son a sauya, kuma idan yana da asusu a bankuna uku, kowanne sai ya je. Bayan haka sai ya gyara lambar da ke kan NIN ɗinsa a hukumar NIMC. Zai san aikin ya yi idan ya danna *565*0# a sabon layinsa BVN ɗinsa ta fito, kuma alat na ɗan kuɗin gwaji ya iso wayar da ke hannunsa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne roƙon sabon mai layin: «Don Allah ’yar uwa, wata lamba za ta shigo, ki karanto min.» Wannan na iya fitar da mutum kunya yau, amma ya sanar da baƙo cewa mabuɗin asusunsa na hannunsa, kuma gobe ma sai ya sake roƙo.

WhatsApp da imel

Idan WhatsApp ɗin tsohuwar lambar na buɗe har yanzu a wayar mutum, a gaggauta shiga Settings, sai Account, sai Change number. Sabuwar lambar ce kaɗai ke karɓar saƙon tabbatarwa, don haka ba a buƙatar tsohon sim. Da zarar sabon mai layin ya yi rajista, wannan ƙofa ta rufe. Tsofaffin hirarraki ba sa bin lambar zuwa wayarsa, kuma idan asusun ya yi kwana 45 ba a taɓa ba sannan aka yi rajistar lambar a wata waya, WhatsApp na goge tsohon hoto da bayanin mai shi. Haɗarin yana wajen abokan ciniki da ke da lambar a ajiye, suna tura odar kaya da rasit ga wanda ba su sani ba. Sai a sanar da su kai tsaye, a kuma roƙi shugabannin zaurukan kasuwa su cire tsohuwar lambar. A asusun Google ma a sauya lambar dawo da asusu tun ana tuna kalmar sirri.

Wanda kamfani ya karɓe wa layi kafin wa'adin ya cika zai fara kai ƙorafi ga kamfanin, ya riƙe lambar ƙorafin da aka ba shi, idan bai gamsu ba ya kira NCC kyauta a 622.