Zaɓin magani tsakanin benzoyil feroksayid, salisilik asid da azelayik asid don ƙurajen fuska masu taurin kai

Benzoyil feroksayid, salisilik asid da azelayik asid magunguna ne na shafawa da ake amfani da su wajen maganin ƙurajen fuska marasa tsanani zuwa masu matsakaicin tsanani. Sau da yawa ana ɗaukarsu kamar abu ɗaya, alhali kowannensu da inda yake kama cutar. Abin da ke raba gardama wajen zaɓi shi ne irin ƙurjin da ya fi yawa a fuskar, da kuma abin da yake bari a baya idan ya warke.

Yadda ƙurjin ke samuwa

Kowane ƙurji yana farawa ne a ƙofar gashi, inda maiƙon fata ke fitowa. Matattun ƙwayoyin fata sukan manne da juna su gauraya da maiƙon, sai ƙofar ta toshe. Idan bakinta a buɗe yake, abin da ke ciki yakan yi baƙi saboda haɗuwa da iska, ba don datti ba. Idan a rufe yake, sai ya zama ɗan ƙullutu mai launin fata wanda hannu ya fi ido saurin gane shi. Waɗannan biyun ba sa ciwo. A cikin toshewar akwai wata ƙwayar bakteriya da ke zaune a fatar kowa, wadda ke jin daɗin wurin da babu iska kuma akwai maiƙo. Idan ta hayayyafa, jiki yakan taso mata, daga nan ne ake samun kumburi, zogi da mugunya.

Toshewar tana ɗaukar makonni a ɓoye kafin ta fito fili. Wannan shi ya sa ake shafa duk magungunan uku a dukkan yankin da ƙurajen ke fitowa, kamar goshi gaba ɗaya ko kumatu gaba ɗaya. Wanda ke ɗiga magani a kan ƙurjin da ya riga ya fito kawai, ya bar na mako mai zuwa suna nuna a ƙarƙashi.

Benzoyil feroksayid

Shi ne mafi ƙarfi a kan ƙuraje masu kumburi da mugunya. Idan ya shiga ƙofar gashi yana sakin iskar oksijin mai kaifi wadda ke kashe bakteriyar kai tsaye, kuma bakteriyar ba ta sabawa da shi kamar yadda take sabawa da magungunan antibayotik. Saboda haka ne likitoci ke haɗa shi da antibayotik na shafawa mai suna kilindamaisin, don kada ƙwayar ta bijire.

Yana zuwa da ƙarfin kashi 2.5, 5 da 10 cikin 100, a matsayin jel, kirim ko sabulun ruwa. Wani bincike da aka wallafa a 1986 ya gwada ƙarfin uku, ya kuma gano cewa na kashi 2.5 yana rage ƙuraje masu kumburi daidai da sauran, sannan saɓar fata da raɗaɗinsa ba su kai na kashi 10 ba. Don haka babu hujjar fara wa fuska da na kashi 10. Baya da ƙirji, da fatarsu ta fi kauri, sun fi jure mai ƙarfin, musamman na wankewa: a shafa, a bar shi minti 2 zuwa 5, a ɗauraye.

Aibinsa biyu ne. Yana busar da fata har ta riƙa saɓa, musamman gefen hanci da baki. Yana kuma koɗar da launin tufa, tawul, rigar matashin kai, har da gashin gira idan ya taɓa su, kuma launin ba ya dawowa a tufa. Bushewa da ɗan raɗaɗi a makonni biyu ko uku na farko abu ne da aka saba gani. Amma idan fatar ido ta kumbura, ko ƙaiƙayi mai tsanani ya taso tare da ƙananan bororo, wannan alama ce ta cewa jiki ba ya karɓar maganin sam, kuma rage yawansa ba zai gyara ba. Dainawa ake yi. A ajiye shi a wuri mai sanyi, domin zafi mai yawa yana lalata shi, har ya iya rikiɗewa ya fitar da wani sinadari mai guba da ake kira benzin.

Salisilik asid

Dangin asfirin ne, kuma yana narkewa a cikin maiƙo, don haka yana iya kutsawa cikin ƙofar gashi ya sassauta matattun ƙwayoyin da suka manne. Ƙarfin da ake shafa wa fuska shi ne kashi 0.5 zuwa 2 cikin 100. Ya dace da fuska mai maiƙo wadda matsalarta baƙaƙen ɗigo ne da ƙananan ƙullutai marasa ciwo. A kan ƙurji mai mugunya kuwa, aikinsa kaɗan ne, kuma a cikin ukun shi ne mafi raunin hujjar bincike. Wasu daga cikin waɗanda ke cewa sun yi ta shafa magani ba su ga sauƙi ba, sabulun salisilik suke ta yi wa ƙuraje masu kumburi.

Akwai kuskure guda mai haɗari a nan. Maganin tsiron fata mai kaushi da na kantar ƙafa shi ma salisilik ne, amma ƙarfinsa yakan kai kashi 17 zuwa 40. Wannan ƙona fuska yake yi. Mai rashin jituwa da asfirin kuma ya guji salisilik gaba ɗaya.

Azelayik asid

Ana samun wannan sinadari a cikin hatsi irin su alkama da sha'ir, ko da yake na magani haɗa shi ake yi a masana'anta. Yana taɓa ko'ina kaɗan-kaɗan: yana rage bakteriya, yana rage toshewa, yana kwantar da kumburi. Abin da ya keɓanta da shi shi ne yana danne tairosines, wato sinadarin da ƙwayoyin fata ke amfani da shi wajen ƙera launin melanin, kuma ya fi tasiri a kan ƙwayoyin da suka wuce gona da iri wajen ƙera launin. Saboda haka yana dusar da baƙin tabon da ƙurji ya bari, ba tare da ya hasko da sauran fuskar ba a galibin mutane.

Ƙarfin da aka tabbatar da amfaninsa shi ne jel na kashi 15 da kirim na kashi 20, ana shafawa sau biyu a rana. Na kashi 10 da ke cikin kayan kwalliya bai kai su ba. Yakan jawo tsikari da ƙaiƙayi na 'yan mintoci bayan shafawa, abin da ke raguwa bayan 'yan makonni. Ba ya ɓata tufa. Yana cikin magungunan da likitoci suka fi natsuwa da su ga mai juna biyu da mai shayarwa, kuma yana maganin cutar rozeshiya, wadda kan yi kama da ƙurajen fuska. Illarsa babba ita ce jinkiri. Mai ciwon asma ya lura, domin an samu wasu ƙalilan da ya tayar musu da ciwon.

Misali na zaɓi

A ɗauki mace mai shekara 24, mai duhun fata, da ke da ƙuraje masu kumburi kamar 15 a kumatu da haɓa, wasu da mugunya a bakinsu, ga kuma baƙaƙen tabo da suka ninka ƙurajen yawa. Ta shafe wata huɗu tana wanke fuska da sabulun salisilik sau uku a rana tana dirzawa. Fuskar ta bushe, ƙurajen suna nan.

A irin wannan fata, duk abin da ya harzuƙa ta, ko ƙurji ne ko magani, baƙin tabo yake haifarwa. Saboda haka ana neman a kashe kumburin ba tare da an ƙona fatar ba. Matakin farko shi ne ta ajiye salisilik da dirza, ta koma sabulu mai laushi sau biyu a rana da man da ke riƙe danshi marar toshe ƙofofin gashi, na tsawon mako guda. Sannan ta fara benzoyil feroksayid na kashi 2.5 da dare, ana tsallake dare ɗaya. Adadin da ya isa dukkan fuska bai wuce girman ƙwayar wake ba, a shafa shi siriri bayan fuskar ta bushe sarai, domin fata mai lema ta fi jin raɗaɗi, kuma a kauce wa gefen ido, leɓe da kusurwar hanci. Idan bayan mako biyu babu saɓa mai yawa, sai ta koma kowane dare. Idan akwai, sai ta riƙa barin sa minti 15 zuwa 30 ta wanke, tana ƙara lokacin a hankali.

A mako na huɗu, idan fatar ta zauna, sai azelayik asid ya shigo da safe, a bi shi da man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama, domin rana tana ƙara wa tabon duhu. Dalilin rarraba su shi ne, idan aka fara biyu rana ɗaya fatar ta ɓaci, ba a san wanda ya jawo ba. Da ƙurajenta kaɗan ne, tabon ne ya fi damunta, ko kuma tana da ciki, da azelayik shi kaɗai ya dace ta fara da shi.

Ana sa ran ganin raguwar sababbin ƙuraje a mako na 6 zuwa 8, amma hukunci sai mako na 12. Hoton fuska a haske iri ɗaya duk bayan mako huɗu ya fi madubi gaskiya. Tabon yakan ɗauki wata uku zuwa shida, wani lokaci fiye, kuma ba ya ƙarewa muddin sababbin ƙuraje na fitowa ko ana matse su. Idan fuska ta washe, ba a dainawa kwatsam, domin magungunan hana fitowa suke yi, ba sa kawar da tushen. Ana ci gaba da ɗaya daga cikinsu.

Inda ukun ba za su wadatar ba

Manyan ƙullutai masu zurfi da zafi, ko ƙurajen da ke barin rami a fata, sun fi ƙarfin maganin shafawa, kuma ramin ba ya cikewa da kansa, don haka jiran mako 12 a nan asara ce. Likitan fata ake gani tun da wuri. Zai iya ba da maganin shafawa na adafalin ko wani danginsa, antibayotik na sha na ɗan lokaci, ko aisotiretinoyin, wanda ke nakasa ɗan tayi kuma ba a shan sa sai ƙarƙashin kulawa. Wanda aka ba tiretinoyin, wani dangin adafalin na shafawa, ya raba lokacinsa da na benzoyil feroksayid, ɗaya da dare ɗaya da safe, domin benzoyil yana lalata shi. Adafalin ba shi da wannan matsalar.

Ƙurajen da ke taruwa a haɓa da muƙamuƙi tare da rikicewar al'ada ko tsirowar gashi a fuskar mace suna nuni da matsalar homon, wadda ke buƙatar gwaji. Ƙananan ƙuraje masu girma ɗaya, masu ƙaiƙayi, a goshi, ƙirji ko baya, sau da yawa naman gwari ne ya shiga ƙofofin gashi, kuma maganinsa daban ne. Haka nan man shafawa mai sitiroyid, irin wanda ake sakawa a wasu mayukan hasken fata, yana fitar da ƙuraje masu kama da juna da yawa a lokaci guda. Ƙurajen sitiroyid ba sa warkewa sosai da magungunan uku sai an bar man, kuma wanda ya daɗe yana shafa shi yana buƙatar likita ya tsara masa yadda zai janye, domin fatar takan tayar da ƙaiƙayi da raɗaɗi idan aka yanke shi lokaci ɗaya.