Ba Rassan Gefe Ne Ke Haɗa Murɗin Alfa Da Shimfiɗar Beta Ba

Ɗalibai da yawa sun daɗe suna ɗauka cewa rassan gefe na amino asid ne ke ƙulla haɗin haidurojin da ke riƙe murɗin alfa da shimfiɗar beta, siffofi biyu da sarƙar furotin ke ɗauka idan ta naɗe. Ba abin mamaki ba ne, tunda rassan ne ke bambanta amino asid da juna. Sai dai ƙashin bayan sarƙar furotin, wato babban layin da rassan ke fitowa daga jikinsa, shi ne ke wannan aiki ta ɓangarorinsa na C=O da N-H.

A murɗin alfa, C=O na amino asid na 1 yana kama N-H na na 5 cikin sarƙa ɗaya, haɗin na bin tsawon murɗin, kowane zagaye na ɗauke da amino asid 3.6. Rassan kuwa waje suke kallo. A shimfiɗar beta, haɗin yana tsakanin zare da maƙwabcinsa ne, rassan na leƙowa ɗaya sama, ɗaya ƙasa.

Rassan suna da tasiri dai wajen zaɓen siffa. A cikin amino asid, alanin na son murɗi, balin ya fi son shimfiɗa. Furolin kuwa, da yake ba shi da N-H a cikin sarƙa, yakan karya murɗin.

Don tabbatarwa, buɗe tsarin furotin ɗin mayogulobin a PyMOL, manhajar duba siffar furotin, ka auna tazarar O na ƙashin bayan amino asid na 1 da N na ƙashin bayan na 5 a murɗi ɗaya: kusan angstrom 3 za ka gani. A tura wa abokan karatu wannan bayani.